Cacar sakamako biyu da tarkon da ke cikinta

Tambaya: “Daga Gombe nake. Wai ana iya yin caca a kan duka sakamakon wasa a ci riba tabbas?”

Malam, lissafin gaskiya ne, amma a takarda. A wasan tanis, inda babu kunnen doki, idan kamfanin caca ɗaya ya ba ɗan wasa na farko farashin 2.10, wato kowace naira ɗaya ta dawo da 2.10 idan ya ci, wani kuma ya ba na biyu 2.10, ka zuba naira 10,000 a kowane ɓangare, 21,000 za ta dawo ko wa ya ci. Masu farautar garaɓasar sabon rajista ma haka suke rufe ɓangarorin biyu.

Matsalar ita ce, farashi mai daɗi irin wannan sau da yawa kuskure ne, kuma dokokin kamfani sun ba shi damar soke tikitin, ya bar ka da caca zalla a ɗaya ɓangaren. Idan kuma ya gane salonka, sai ya rage abin da za ka iya zubawa, ko ya taƙaita asusunka.