Kiriyatin ba haramtacce ba ne, amma wa ya gwada robarka?

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni ɗan wasan ɗaga ƙarfe ne daga Kaduna, an zaɓe ni cikin waɗanda za su wakilci jiha a gasar wasanni ta ƙasa. Sati uku ke nan ina shan kiriyatin, garin nan na ƙara ƙarfin tsoka, wanda na saya a wurin wani a gidan motsa jikinmu. Yanzu an ce za a gwada fitsari a gasar, wani abokina kuma ya ce kiriyatin na fitowa a gwaji. Mai sayarwar ya ce kada in damu, kayansa daga waje suke, kuma akwai lamba a jiki. Wallahi hankalina ya tashi, ko barci ba na iya yi. Za su kore ni?

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka a kan rabin farko, ka ba ni kunnenka a kan rabin na biyu.

Abokinka bai faɗi daidai ba. Kiriyatin ba ya cikin jerin haramtattun abubuwa na WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, jerin da ake sabuntawa kowace shekara ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, kuma bai taɓa shiga jerin ba. Ba a nemansa a gwaji, don jikin kowa yana yin nasa, yana kuma cikin nama da kifin da muke ci. Da abin da ke cikin robarka kiriyatin ne zalla, da na ce ka je ka yi barcinka.

Maganar mai sayarwar ce ta dame ni, domin ita nake ji kusan kullum daga bakin 'yan wasa da kociyoyinsu: tunda kiriyatin halal ne a dokar wasanni, kuma robar a rufe take da lamba a jiki, ai shi ke nan. Wannan tunanin ya kashe wa mutane da yawa sana'a. Doka ta halatta sinadarin ne, ba ta halatta robar ba. WADA ba ta amincewa da kayan kowane kamfani, ba ta ba kowa hatimi. Duk robar da ka ga an rubuta wai WADA ta yarda da ita, ƙarya aka rubuta, kuma wannan kaɗai ya isa ka mayar da ita inda ka ɗauko.

Ka san yadda ake yi a injin niƙa. Ka kai geronka mai tsabta, amma wanda ya riga ka barkono ya niƙa, mai inji kuma bai wanke ba. Haka yake a masana'antun nan. Kamfanoni da yawa ba su da injin kansu, kwangila suke bayarwa a haɗa musu a zuba a roba. Injin da ya haɗa maganin ƙara tsoka mai sitiroyid da safe, shi zai iya zuba kiriyatin da yamma. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke barbaɗa ƙwaya da gangan don mai saye ya ga kayansu "suna aiki" ya dawo. A shekarun 2000 da 2001 ɗakin gwaji na birnin Kolon a Jamus ya sayi kayan ƙarin abinci na 'yan wasa guda 634 daga ƙasashe 13, ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da dangin sitiroyid da ba a rubuta a jikin kwali ba. Ka lura, yawancinsu a Turai da Amurka aka saye su. To ina amfanin "daga waje suke"?

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne ƙanƙantar abin da ke jawo bala'in. A wani bincike da aka yi a jami'ar Lofboro ta Ingila aka buga a 2009, an ba mutum 20 giram 5 na kiriyatin a ruwa, wato cokali ɗaya na yau da kullum, amma an sa masa ɗan abin da jiki ke juyawa ya zama nandorolon, wani sitiroyid da aka haramta. Da aka sa maikirogiram 2.5, fitsarin mutum 5 ya haura iyakar da WADA ta sa a lokacin. Da aka sa maikirogiram 5, mutum 15 ne suka haura. Maikirogiram ɗaya fa, giram ɗaya ne aka kasa gida miliyan. Wannan ba zai ƙara maka ko kilo ɗaya a kan sandar ƙarfe ba, ba za ka ji shi a jiki ba, ba zai canja launin garin ko ɗanɗanonsa ba. Injin gwaji kuwa zai gan shi ƙarara. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji koci yana lasar gari da yatsa yana cewa wannan na asali ne. Harshe bai taɓa gane maikirogiram ba.

Lambar da ake nuna maka kuma, ko da ta NAFDAC ce ta gaskiya, aikinta daban. Rajista ce da ke nuna an yarda a sayar wa jama'a da kayan. Ba shaida ba ce cewa an ɗauki zubin da robarka ta fito daga cikinsa an bincika ko akwai ɗaruruwan sinadaran da WADA ta hana, har zuwa ƙanƙantar da na faɗa maka. Ga kuma jabu, waɗanda kowace lamba suna iya bugawa. Mafi muni su ne masu buɗe babbar roba su auna a leda su sayar ƙulli-ƙulli. Cokalin da aka ɗebi wancan da shi aka ɗebi wannan, kuma ranar da abu ya lalace ba ka da abin da za ka nuna wa kowa.

Me ya sa nake ta nanata wannan? Saboda yadda dokar take. Duk abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko ka sani ko ba ka sani ba. Hukuma ba ta buƙatar nuna cewa ka yi niyyar maguɗi. Idan sitiroyid ne, daga shekara 4 hukunci yake farawa, kuma kai ne za ka kawo hujjar cewa ba da gangan ba ne kafin ya sauka zuwa shekara 2. Kafin ya sauka ƙasa da haka sai ka nuna ainihin kayan da suka gurɓace, ka kuma nuna ba ka yi babban sakaci ba wajen saye. Ko ka yi nasarar duk wannan, in a gasa aka ɗauki fitsarin, lambar yabon da ka ci ta tafi.

Ka ɗauki labarin Kicker Vencill, ɗan wasan ninƙaya na Amurka. A farkon 2003 aka gwada shi, ba ma a lokacin gasa ba, aka sami burbushin nandorolon. Ya kwashi kayan da yake sha ya kai wani ɗakin gwaji, aka gano gurɓatar a cikin ƙwayar bitamin, wato abin da kowa zai rantse ba shi da illa. Duk da haka an dakatar da shi shekara 2, gasar zaɓen 'yan Olamfik ta 2004 ta wuce shi. A 2005 kotu a Kalifoniya ta ba shi gaskiya a kan kamfanin, aka yanke masa diyyar fiye da dala dubu 500. Gaskiya ta fito, amma shekarun da ƙarfinsa ke kan ganiya sun riga sun tafi. Shi kuma ya iya yin wannan faɗan ne don yana da robar a hannu, yana da kamfanin da zai kai ƙara, yana da lauya. Kai da ka saya a hannun wani a gidan motsa jiki ba rasit, wa za ka kai ƙara?

Yanzu ga abin da za ka yi da robar da ke ɗakinka. Duba jikinta ko akwai tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, wato masu gwada kayan 'yan wasa don gano haramtattun sinadarai. Kada ka tsaya a tambari, don shi ma ana bugawa. Nemi lambar zubi, wadda ake rubutawa kusa da ranar lalacewa bayan `LOT` ko `Batch No.`, ka shiga shafin masu tambarin ka rubuta sunan kayan, ka tabbatar wannan lambar tana cikin waɗanda suka gwada. Sunan kamfani ya fito amma lambarka ba ta fito ba, to robarka ba a gwada ta ba. Ka kuma kula, Informed Choice ba ɗaya suke da Informed Sport ba: na farkon ɗaiɗai suke saye a kasuwa su gwada, na biyun kowane zubi ake gwadawa kafin ya fita, shi ne na mai shiga gasa. Ko wannan ɗin ma rage haɗari yake yi ƙwarai, ba ya ɗauke maka alhaki a gaban doka.

Idan lambar ba ta fito ba, ka daina sha yau. Ba abin da za ka yi asara sosai, don kiriyatin da ya taru a tsoka yana ɗaukar makonni kafin ya koma yadda yake. Kada ka zubar da robar. Rufe ta, ɗauki hotonta ta kowane gefe, rubuta ranar da ka saya da wurin da kuɗin da ka biya, ka ajiye saƙon bankin in ta waya ka tura. Sannan ka sami likitan tawagarku ka gaya masa komai kafin ku tafi. Ranar gwaji akwai gurbi a takarda da ake rubuta magunguna da kayan ƙarin abincin da ka sha cikin kwana 7 da suka wuce. Ni dai shawarata ka rubuta wannan kiriyatin ɗin da ranar da ka daina, ko da kwanakin sun haura. Masu shari'a suna kallon wannan takarda, kuma wanda ya tuna da roba bayan sakamako ya fito, da wuya su yarda da shi.

Nan gaba in za ka saya, nemi wanda aka rubuta `Creatine Monohydrate` shi kaɗai, ba gaurayen da ake sha kafin atisaye ba, ba mai alkawarin ƙona kitse ko ɗaga sinadarin maza ba, don a nan ne aka fi samun ɓarna. Giram 3 zuwa 5 a rana ya isa. In aljihu ya yarda, sayi biyu masu lambar zubi ɗaya ka bar ɗaya a rufe, domin robar da ba a buɗe ba ita ce hujjar da ta fi ƙarfi. Wadda aka buɗe ana iya cewa kai ka zuba abin daga baya.

Akwai wani tarko da ya shafe ka musamman, tunda wasanka na ajin nauyi ne. Kiriyatin yana riƙe ruwa a tsoka, yana iya ƙara maka kilo 1 zuwa 2. Ranar awo ta matso, sai wani ya ce ka je kemis ka sayi maganin sa fitsari ka zubar da ruwan. Waɗannan magungunan haramtattu ne a kowane lokaci, a gasa da wajen gasa. Irinsu aka samu a jikin Chika Amalaha, 'yar Najeriya mai shekara 16, aka karɓe zinariyar da ta ci a ɗaga ƙarfe a gasar Kwamanwel ta 2014 a Gilasgo. Haka masu cewa ka sha wani jiƙo ko wani haɗi "ya wanke jini" kafin gwaji: ba abin da yake wankewa, kuma ka ƙara wa cikinka wani abin da ba wanda ya san me ke ciki. In nauyinka ya haura, ku zauna da likita da koci tun yanzu ku daidaita abinci, ko ku yanke shawarar ka hau ajin gaba.

Allah Ya ba da sa'a a gasar.