Sayen bawul ɗin da zai hau bututu

"Maigida, bawul ɗin da ke ƙarƙashin tankin gidan nan na Ƙofar Ƙaura ya daina tsayar da ruwa. Idan na je kasuwa, me zan ce wa mai shago don ya ba ni daidai irinsa?"

Ka fara da kallon hannunsa, ɗana. Idan zagayayye ne, kuma sai ka murɗa shi sau da yawa kafin ruwa ya tsaya, get bawul ke nan, wanda yake da harshen tagulla a ciki mai sauka ya tare hanya. Idan kuwa hannun dogo ne da ake karkatawa sau ɗaya ya gicciye bututu, bol bawul ne. Wanda kake magana a kansa get ne, kuma idan hannunsa yana ta juyawa ba ya kamawa, zaren sandar ciki ne ya cinye, sai canji.

Girma shi ne inda masu koyo suke yawan asarar kuɗin mota. Kada ka ɗora tef a bayan bututun ƙarfe ka ce ka gano girmansa, domin wanda ake kira rabin inci faɗinsa ta waje kusan milimita 21 ne, mai inci 3/4 kuma kusan 27, saboda haka mai awo ta waje yakan sayo abin da ya fi bututun girma. Ka goge jikin bawul ɗin da buroshin waya ka karanta abin da aka rubuta. Za ka ga 3/4 ko DN20, kuma duka biyun girma ɗaya suke nufi. DN15 rabin inci ne, DN25 kuwa inci ɗaya.

Sai ka kula da wani tarko. Koren bututun roba da muke haɗawa da injin zafi, wanda ake rubuta PPR a jikinsa, faɗinsa na waje ake ƙirgawa, don haka 20 ɗinsa abokin rabin inci ne, ba na DN20 ba. A gidan nan bututun da ya sauko daga tanki 25 ne, bawul ɗin kuma zaren mace gare shi ta baki biyu. Abin da za ka ce shi ne: get bawul na tagulla, 3/4, da adafta biyu na koren bututu, 25 zuwa 3/4, masu zaren namiji.

Ka ƙara da yuniyan ɗaya na 25. Shi ne mai gida uku da babban noti a tsakiya, kuma rashinsa a layin ne zai sa ka yanke bututu yau kafin tsohon bawul ya fito. Da zarar ka saka shi, wanda zai canja nan gaba notin kawai zai kwance. Ka tafi da tsohon bawul ɗin a aljihu, ka murɗa sabuwar adafta a bakinsa da hannu a gaban mai shago, idan ta cije tun zagaye na farko kada ka biya.