Tallana a Google ya daina fitowa: in ƙara kasafi ko in gyara shafi?

Tambaya: Ina da shagon inbata da batiran sola a Kano, kuma ina talla a binciken Google da kasafin naira 10,000 a rana. Watan jiya talla ya fito sau 9,000, wannan watan sau 6,000 kacal, kiran waya ma ya ragu. Wani abokina ya ce in ninka kasafin, yaron da ke kula mini da shafin intanet kuma ya ce in biya a sake gina shafin. Na haɗo da hotunan alkaluman asusuna. Ina ya kamata in sa kuɗina?

Amsa: Malam, kada ka ninka kasafin, kada kuma ka ba da aikin sabon shafi tukuna. Hotunan da ka turo sun nuna inda matsalar take, kuma gyaranta bai kai tsadar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko masu bincike ne suka ragu, ko kuwa suna nan amma wani ke ɗauke su. Layin `Search impr. share` ne ke raba wannan gardama, domin yana nuna kashi nawa ka samu cikin duk lokutan da tallanka ya cancanci fitowa. Watan jiya kana da kashi 60, yanzu kashi 40. Ka raba 9,000 da 0.6, za ka samu 15,000. Ka raba 6,000 da 0.4, 15,000 ɗin dai ne. Wato masu neman inbata suna nan yadda suke, rabonka ne ya ragu. Da a ce adadin nan ya faɗi alhali kasonka bai motsa ba, da sai in ce kasuwa ce ta yi sanyi, ka yi haƙuri, babu abin taɓawa a asusun.

To ina ragowar ta tafi? Google na kasa ta gida biyu. `Search lost IS (budget)` shi ne abin da ka rasa don kuɗin rana sun ƙare, kuma a matakin kamfe, wato rukunin tallan da ka ware wa kasafi, kaɗai ake ganinsa. `Search lost IS (rank)` shi ne abin da ka rasa don an fi ka matsayi a gwanjon da ake yi duk lokacin da wani ya buga bincike. Na kasafi ya sauko daga kashi 10 zuwa 3, na matsayi ya haura daga 30 zuwa 57. Da ka ninka kuɗin, iyakar abin da za ka dawo da shi kashi 3 ne, sauran kuɗin su zauna ba a taɓa su ba. Saukowar na kasafin ma ba abin murna ba ne: kuɗinka sun fara kai ka dare ne saboda ana kayar da kai a gwanjo, ba ka samun inda za ka kashe su.

Matsayi kuwa ya dogara, a taƙaice, kan tayin da ka yi, wato kuɗin da ka yarda ka biya a kan kowace dannawa, da ingancin tallanka idan aka gwada da na abokan hamayya. Saboda haka ko dai wani ya shigo da ƙarfi, ko kai ka yi rauni. A wajenka duka biyun sun faru.

Rahoton `Auction insights` ya nuna wani shafi da babu shi watan jiya. `Overlap rate` ɗinsa kashi 70 ne, ma'ana cikin kowane fitowa goma da tallanka ya yi, nasa ma ya fito a bakwai. `Position above rate` kuma kashi 65: idan kun fito tare, kusan sau biyu cikin uku yana samanka. Wannan kishiya ce ta gaske, kalmomin binciken da kuke talla a kansu ɗaya, mutanenku ɗaya. Sai dai rahoton ba ya faɗin nawa ya taya ko nawa yake kashewa, don haka kada ka yanke cewa kuɗi ya fi ka. Yana iya kasancewa shafinsa ne ya fi naka dacewa da abin da aka nema. Ka riƙa duba rahoton a kan kalma ɗaya ɗaya, domin na kamfe gaba ɗaya yana cakuɗa kalmar da ake gwabzawa a kanta da wadda babu mai kula ta. Ka kuma kiyaye kada kasonka ya gangara ƙasa da kashi 10, don daga nan rahoton ba ya nuna komai.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. `Quality Score` maki ne daga 1 zuwa 10 da ake ba kowace kalma. Ba lambar nan ce ke shiga gwanjo ba, awo ne da ke nuna maka inda ciwo yake, don haka bin lambar ita kaɗai ɓata lokaci ne. Ka duba sassanta uku: `Exp. CTR`, wato yadda ake sa ran za a danna tallan, `Ad relevance`, wato dacewar rubutun talla da abin da aka bincika, da `Landing page exp.`, wato abin da mutum ya tarar bayan ya danna. Ana auna kowanne da na sauran masu talla a kan wannan kalmar cikin kwana 90 da suka wuce. Babbar kalmarka, wadda ke neman farashin inbata a Kano, ta faɗo daga 7 zuwa 5. Sassa biyu na farko suna nan a `Average`, na ukun ne ya koma `Below average`.

Hoton `Change history`, wato tarihin canje-canjen asusun, da ka haɗo ya nuna dalili. A farkon watan an canza `Final URL` na tallan, wato adireshin da yake kai wanda ya danna, daga shafin inbata zuwa shafin farko na shagonka a intanet. Ka ɗauki wayarka, ka kashe wai-fai, ka buɗe shi da data kamar yadda mai saye zai yi. Mutumin da ya nemi farashin inbata zai tarar da hoton shago da maraba da zuwa, sai ya danna sau biyu ko uku kafin ya ga farashi, yawanci kuwa kafin nan ya koma baya ya danna na maƙwabcinka. Don ka tabbatar, ka ƙara layin `Landing page exp. (hist.)`, ka raba alkaluman rana rana, ka ga ko faɗuwar ta biyo bayan ranar canjin.

Ka sa yaron ya mayar da tallan kan shafin inbata a yau. A saman shafin a ga samfuri, ƙarfinsa, farashi da lambar waya da za a danna a kira, a kuma rage nauyin hotunan. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Ƙarin tayi yana da gurbi, amma a kan kalma biyu ko uku da ka san suna kawo ciniki, kuma da lissafi. Idan, alal misali, mutum ɗaya cikin 50 da suka danna ke saye, ribarka kuma naira 40,000 ce, to duk dannawar da ta wuce naira 800 asara ce, ko da kai ne a sama. Idan Google ka bar wa tayin, ka duba ko iyakar farashin dannawa da ka sa ce ta matse shi.

Ka yi gyaran shafin shi kaɗai da farko, ka ba shi mako biyu kafin ka taɓa tayi, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Alkaluman kason fitowa kan makara da kwana ɗaya zuwa biyu, makin inganci kuma ya fi su jinkiri, don haka `Search lost IS (rank)` za ka sa wa ido. Ranar da ka ga ya sauko, na kasafi kuma ya wuce kashi 10 ko 15 a kamfen da ke ɗauke da kalmomin da ke kawo riba, a ranar shawarar abokinka ta ƙarin kasafi za ta yi amfani.