Ajiye lokaci a UTC: inda yake isa da inda yake gazawa

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina gina manhajar karatu daga nesa, malamai suna nan Jos, ɗalibai kuma suna Najeriya da Saudiyya da Ingila. Lokutan da nake ajiyewa a MySQL suna rikicewa. An ce in mayar da komai UTC. Hakan ya wadatar?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wanda ya ba ka shawarar nan ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Na bi ta yadda take, kuma na sha wuya, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Lokaci iri biyu ne kake ajiyewa. Akwai abin da ya riga ya faru, kamar sa'ar da aka biya kuɗi ko aka tura saƙo. Wannan UTC ya ishe shi: ka ajiye, in za ka nuna wa mutum sai ka juya zuwa agogon ƙasarsa. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, Saudiyya da awa uku, kuma dukansu ba sa taɓa agogonsu duk shekara. Sai dai ka sani, a MySQL `DATETIME` ba ya juya komai, abin da ka zuba shi zai riƙe, ba tare da sanin agogon wace ƙasa ba ne. `TIMESTAMP` kuwa yana juyawa ne bisa yankin da haɗinka da databes yake kai. To ka tsayar da wannan yankin a `+00:00`, kada ka bar wa sabar ta zaɓa maka.

Iri na biyu shi ne alƙawarin gaba, kuma a nan na faɗi. A watan Agustan 2024 wata uwa a Landan ta zaɓa wa ɗanta darasin Alƙur'ani ƙarfe biyar na yamma kowace Asabar, a wata manhaja da na yi wa wata makaranta. A lokacin Ingila tana agogon bazara, watau daidai da namu ke nan, biyar a can biyar a Jos. Na juya zuwa 16:00 UTC na ajiye, ina maimaita shi duk mako. Wata biyu ba wanda ya yi ƙorafi.

Ran Lahadi 27 ga Oktoba suka mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, yadda suke yi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Asabar ɗin da ta biyo baya, malam ya zauna gaban waya ƙarfe biyar, allo a gefe, yana jira. A Landan kuwa ƙarfe huɗu ne, yaro bai ma dawo gida ba. Da yaron ya shigo a biyar ɗinsa, a nan shida ta yi, malam ya tashi alwalar magariba. Uwar ta ɗauka malam ne ya saɓa, malam ya ɗauka su ne ba su damu ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don laifina ne aka ɗora wa bayin Allah.

Matar nan biyar ta agogon gidanta ta nema, kuma ita ya kamata in ajiye. Yanzu abu uku nake riƙewa: ranar mako, `17:00`, da sunan yanki `Europe/London`. Sai darasi ya gabato nake lissafa UTC ɗinsa:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo
t = datetime(2024, 11, 2, 17, 0, tzinfo=ZoneInfo("Europe/London"))
print(t.astimezone(ZoneInfo("Africa/Lagos")).strftime("%H:%M"))
```

Zai ba ka `18:00`. Ka lura suna na ajiye. Da `+01:00` na rubuta, da matsalar tana nan, domin lamba ba ta san Oktoba ba. Sunan kuwa yana tafe da dokokin ƙasar, kuma gwamnatoci suna sauya su: Masar ta dawo da agogon bazara a 2023, Sudan ta koma baya da awa ɗaya a 2017. Saboda haka ka riƙa sabunta `tzdata`, kundin da ke ɗauke da waɗannan dokokin, a sabar. Sunan yankin mai amfani kana iya samunsa a JavaScript da `Intl.DateTimeFormat().resolvedOptions().timeZone`, amma ka nuna masa ya tabbatar, don mai Umara wayarsa za ta ce `Asia/Riyadh` alhali mako biyu kawai zai yi.

Kafin ka taɓa kod, ka zauna da malamai ku yanke agogon wa ake bi. In na ɗalibi ne, malam ya san daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris darasinsa zai koma shida. In na malam ne, a gaya wa iyaye tun da wuri.

Game da rikicewar da kake gani yanzu, girman kuskuren zai nuna maka tushensa. In awa ɗaya ce cif ga kowa a Najeriya, to an juya sau biyu ko ba a juya ba sam. In awa biyu ce ga 'yan Saudiyya kaɗai, agogonsu ka ajiye kamar namu ne. In kuma na Ingila ne kawai, kuma a wasu watanni, labarina ne ya same ka. Turo mana layuka biyar daga teburin da ƙasar kowane mai su, mu duba tare.