Kaya sun kasu biyu: wace rana zan faɗa wa mai saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da tayil a Aboabo, nan Kumasi. Wani Alhaji mai gini a Tamale ya biya ni kuɗin katan 200 a kan sidi 95 kowane katan, amma da na ƙirga sito sai na tarar katan 120 kaɗai suka rage. Sauran 80 suna cikin kwantena, kuma ejan ya ce jirgi zai iso Tema ranar 3 ga Nuwamba. Ina tsoron ya ce in mayar masa da kuɗinsa duka. Shin in tura 120 ɗin tukuna, sannan in ce masa sauran na zuwa ranar 3?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗora ko katan ɗaya a lori kafin Alhajin ya sani kuma ya amince. Dokar sayar da kaya ta Ghana ta 1962 ba ta tilasta wa mai saye ya karɓi kaya kashi-kashi ba matuƙar ba a yi yarjejeniyar haka ba, kuma idan aka kai masa ƙasa da abin da ya saya yana da ikon ƙin karɓa. Ke nan in ka tura shiru, kana iya wayar gari da katan 120 jibge a tashar Tamale babu mai ɗauka, kuɗin lori zuwa da dawowa a wuyanka.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka shi ne ranar 3 ga Nuwamba, domin wannan kuskuren kullum nake cin karo da shi a wajen 'yan kasuwarmu, kuma ya raba mutane da abokan cinikinsu na shekaru. Ranar da ejan ya ba ka ita ce ake rubuta wa ETA, wato ƙiyasin ranar da jirgi zai iso tasha. Ƙiyasi ne, kuma kamfanin jirgin yakan ɗaga shi ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ko da jirgin ya iso a ranar, kwantenarka ba ta zama taka ba tukuna. Sai an sauke ta, sai an shigar da takardunka a tsarin kwastam na ICUMS an yanka maka haraji ka biya, sai kamfanin jirgin ya karɓi nasa kuɗin ya saki kaya, sai an duba kwantenar, wani lokaci a buɗe ta a ƙirga. Idan kuwa kwantenar haɗaka ce, kai da wasu mutum biyar ko shida, to mutum ɗaya da ya makara wajen biyan nasa kason ya isa ya tsayar da ku duka. Duk da haka sai ka ji ejan a waya yana cewa "kaya sun iso, gobe-gobe", shi kuma ɗan kasuwa ya ɗauki wannan goben ya miƙa wa mai saye kamar ya ga kayan da idonsa. Ejan bai yi asarar komai ba idan goben ta zama mako uku. Kai ne Alhajin zai kira, shi kuma magina ne suke zaune masa a bakin gini yana ciyar da su. Ina jin takaicin wannan ɗabi'a ƙwarai, domin mutum mai gaskiya ne yake komawa maƙaryaci a idon jama'a saboda ya ari bakin wani.

Ga yadda nake ƙirga ranar da zan faɗa. Da farko ka karɓi lambar kwantena daga ejan ka duba da kanka a shafin kamfanin jirgin, ka tabbata tana kan ruwa, domin idan har ba a yi lodinta ba, babu ranar da za ka iya yankewa, kuma abin da ya dace shi ne ka mayar da kuɗin katan 80. Idan ranar 3 ta tabbata, ni a aikina nakan ware kwanakin aiki goma domin fitar da kaya daga Tema, wanda ya kai mu Litinin 17 ga wata. Ka sa kwana biyu na lodi da tafiya zuwa Kumasi da saukewa, wasu biyu na samun lorin Tamale, ka ga mun kai Juma'a 21. Sai ka ƙara mako guda cur saboda abin da ba ka shirya masa ba. Ranar da za ka rubuta ita ce Juma'a 28 ga Nuwamba, kuma ita ce ranar da kayan za su kasance a hannunsa a Tamale. In sun riga ta isa, ka yi masa albishir.

Ka fara kiransa a waya saboda girmamawa, sannan nan take ka bi da rubutu, domin rubutun ne shaida. Kamar haka: "Assalamu alaikum Alhaji. Cikin katan 200 da ka biya, 120 suna hannuna, kuma in ka amince zan ɗora su a lori ranar Laraba. Sauran 80, waɗanda kuɗinsu sidi 7,600 ne, suna kan hanya, za su same ka a Tamale ranar Juma'a 28 ga Nuwamba in Allah ya yarda, a kan farashin da muka yi, kuma kuɗin lori na biyu a kaina yake. In ranar ta wuce ba su iso ba, washegari zan mayar maka da 7,600 ta MoMo. In kuma ka fi son a haɗa duka a tura lokaci ɗaya, ko a mayar maka da kuɗinka yanzu, ka faɗa mini. Ina jiran amsarka kafin in yi lodi."

Ka lura "in Allah ya yarda" ta zo ne bayan rana sananniya. Mutanenmu sukan cire ranar su bar kalmar ita kaɗai, alhali a hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai biyan kuɗi kafin karɓar kaya da ya yi hakan a kan mudu sananne, da awo sananne, zuwa ajali sananne. Kuɗin bawan Allah yana hannunka, don haka yana da haƙƙin ya san rana.

Akwai wani abu da ya shafi tayil musamman wanda bai kamata ka ɓoye masa ba. Tayil iri ɗaya da aka gasa a lokaci daban yakan ɗan bambanta a launi, kuma lambar gashin tana jikin katan. Ka tambayi mai turo maka kaya ko lambar na kan hanya ta yi daidai da ta sito. In ba ta yi ba, ka shawarci Alhajin ya gama ɗakuna cikakku da 120 ɗin, kada ya fara falo ya tsaya a tsakiya yana jiran cikon.

Idan ya amince, ka rubuta a takardar da za ta bi direba cewa katan 120 ne daga cikin 200, saura 80, a sa hannu a kan haka wajen karɓa. Kada rasit ya nuna 200 an kai. Kuma duk ranar da ka ga jirgin ya ɗaga har makon da ka ajiye ya fara cinyewa, a ranar za ka kira shi, tun yana da sauran lokacin da zai zaɓi jira ko karɓar sidi 7,600 ɗinsa ya saya a Tamale.