Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare ya cinye ni

"Wata takwas ina aikin dare a ɗakin haihuwa. Yanzu kukan mai naƙuda haushi yake ba ni. Lalaci ne?"

'Yar'uwa, ba lalaci ba ne. Gajiyar yau da kullum barcin kwana biyu na warkar da ita, wannan kuwa ko kin yi barci da ita za ki tashi. Haushin nan shi ne alamar da na fi tsoro. Ni da ta same ni, sai na daina kiran mata da sunansu, sai dai "mai gado na huɗu". Ran nan na tsaya da sirinji a hannu, na kasa tuna ko na riga na yi allurar.

Kada ki ce sai hutun shekara, ya yi nisa. Ki sami shugabar ɗakinku da takamaimiyar buƙata: kada darenki ya wuce uku a jere, a bi shi da kwana biyu cur. Kalmar "na gaji" kaɗai ba ta sauya jadawali. Ki kuma daina karɓar aikin wata saboda kunya. In kin sauko da safe, ki duhunta ɗaki, ki kashe waya, a gaya wa mutan gida kada a tashe ki. Kofi kuma ki bar shi awa 6 kafin kwanciya, maganin barci kada ki rubuta wa kanki.

In baƙin ciki ya kai mako biyu har a gida, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, a duba jininki ma. In tunanin kashe kai ya zo, ranar za ki je.