Me ya sa sai an tace gudun ayon kafin a auna nauyinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina karanta na'urar sifektiromita mai auna nauyin ayon, amma na ruɗe. Idan filin maganaɗisu na biyu ne ke raba ayon bisa nauyinsu, mene ne amfanin sashen farko da ake giciye filin lantarki da na maganaɗisu? Kuma a lissafin wannan sashe ban ga nauyi ko caji ba, ina suka shiga?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma daidai wurin da ka tsaya ne yawancin ɗalibai ke tsayawa. Na lura abin ya fi saurin shiga kai idan aka faro daga sashe na biyu aka dawo baya, don haka bari mu bi ta nan.

Idan ayon, wato ƙwayar zarra da ta rasa ko ta ƙara elektiron, mai caji q ya shiga filin maganaɗisu a giciye, filin yana tura shi gefe ne kawai. Ba ya ƙara masa gudu, ba ya rage masa, sai dai ya yi ta lanƙwasa hanyarsa har ta zama da'ira. Ƙarfin turawar shi ne qvB, inda v yake gudun ayon, B kuma ƙarfin filin maganaɗisu. Shi ke riƙe ayon a kan da'irar, wadda nisan tsakiyarta zuwa bakinta shi ne r, saboda haka:

qvB = mv²/r, wato r = mv/(qB)

Dubi saman lissafin da kyau. Nauyi m da gudu v suna zaune tare, ɗaya na ninka ɗaya. Idan ka ga mota ta sha kwana da faɗi, ba za ka iya rantsuwa ko lodi ne ya yi mata yawa ko gudu ne ba. Haka ayon yake. Kuma wurin da ake samar da ayon ba ya fitar da su da gudu ɗaya, wani ya fi wani sauri.

Mu ɗauki iskar niyon, domin a kanta ne J. J. Thomson ya fara ganin alamar nau'i biyu, mai nauyi 20 da mai nauyi 22, a wajen 1913, kafin Francis Aston ya tabbatar da hakan da na'urarsa a 1919. A ce kowane ayon ya rasa elektiron ɗaya, cajinsa 1.6 × 10⁻¹⁹ kulom ke nan. A ce gudunsu mita 200,000 a sakan, filin na biyu kuma tesla 0.5. Nauyin niyon-20 kusan 20 × 1.66 × 10⁻²⁷ ne, wato kilogiram 3.32 × 10⁻²⁶. Saka su:

r = (3.32 × 10⁻²⁶ × 2 × 10⁵) / (1.6 × 10⁻¹⁹ × 0.5) = 0.083 m

Santimita 8.3 ke nan. Niyon-22 kuma zai ba ka santimita 9.13. A tsarin Kenneth Bainbridge, wanda shi ne littattafan makaranta suka fi zanawa, ayon yana yin rabin da'ira ne sannan ya sauka a kan faifan hoto. Don haka nisan da ake aunawa daga ƙofar shiga 2r ne: santimita 16.6 ga na farko, kusan 18.3 ga na biyu. Tazarar santimita 1.7 ce, ko da ido za ka gan ta. A nan ake yawan asarar maki a jarrabawa, mutum ya yi lissafi daidai, ya manta ya ninka da biyu.

To yanzu cire sashen farko ka gani. Niyon-20 da ya zo da gudun mita 220,000 a sakan, wato ƙarin kashi goma cikin ɗari kacal, zai sauka daidai inda niyon-22 mai gudun 200,000 ya sauka. Na tsakaninsu kuma su cike tazarar. Maimakon layi biyu tsaf, sai ka sami dogon tabo guda da ba ya gaya maka komai. Amfanin sashen farko ke nan: ya tsayar da v a lamba ɗaya, domin duk bambancin da ya rage a r ya zama na nauyi da caji ne.

Yadda yake yin aikin kuwa, faranti biyu ne na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ayon na ratsa tsakaninsu. Idan na sama ne mai caji tabbatacce, filin lantarki zai tura ayon mai caji tabbatacce ƙasa da ƙarfin qE, inda E yake ƙarfin filin lantarkin. Sai a jera filin maganaɗisu a giciye da filin lantarkin, a giciye kuma da hanyar ayon, yadda zai tura shi sama da ƙarfin qvB. Turawar lantarki ba ruwanta da gudu, ko ayon na tsaye ma tana nan. Ta maganaɗisu kuwa tana ƙaruwa da gudu. Saboda haka gudu ɗaya tak ne zai sa su yi kunnen doki:

qE = qvB, wato v = E/B

Faranti masu tazarar santimita ɗaya da aka ba su bolt 1,200 suna ba da E na bolt 120,000 a kowace mita. Haɗa da tesla 0.6, ka sami mita 200,000 a sakan da muka yi aiki da shi ɗazu. Wanda ya fi haka sauri, maganaɗisu ya rinjaya, ya karkata sama. Wanda bai kai ba, lantarki ya ja shi ƙasa. Dukansu bango za su doka, ba za su sami siririyar tsagar da ke ƙarshe ba. Da sunan Wilhelm Wien ake kiran wannan matata, domin ya yi aiki da filaye masu giciye tun 1898.

Batun caji da nauyi: q yana ɓangarori biyu na lissafin, sai ya soke kansa. Ninka cajin ka ninka turawar duka biyun. Ko ayon mai caji korau ka saka, turawar biyu za su juya tare, ya wuce abinsa. Nauyi kuma bai taɓa shigowa ba, domin nauyi yana faɗa maka yadda abu zai karkata ne idan akwai ragowar ƙarfi a kansa, a nan kuwa ragowar sifili ce. Amma wannan ga mai gudun daidai ne kaɗai. Wanda gudunsa ya ɗan kauce, nauyinsa na da tasiri: mai nauyi ba ya karkata da sauri, yana iya sulalewa ta tsagar. Shi ya sa tsaga mai faɗi ke ba da layuka masu kauri, idan kuma ka matse ta sosai ayon da ke wucewa su yi kaɗan har alamar ta dushe. Dole ne kuma a zuƙe iskar cikin na'urar, in ba haka ba ayon ya yi karo da ƙwayoyin iska ya bar hanya.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka riƙe, domin a ganina ya fi duk sauran cin mutane. Na'urar m/q take aunawa, ba m shi kaɗai ba. Argon-40 da ya rasa elektiron biyu yana da nauyi ninki biyu da caji ninki biyu na niyon-20 mai caji ɗaya, don haka kusan wuri guda za su sauka. Argon kuwa yana cikin iskar da muke shaƙa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari, ƙaramin yoyo ya isa ya shigo da shi. Hanyar ganewa ita ce ka duba sauran layukan. Niyon na asali yana zuwa da layin 22 a gefensa, ƙarfinsa kusan ɗaya bisa goma na layin 20. Idan layin 20 ya fito babu na 22, ga kuma babban layi a 40, to argon kake kallo.

Gwada wannan da hannunka: bar komai yadda yake, ka ɗaga bolt ɗin faranti zuwa 1,500. Ya kamata ka sami gudun mita 250,000 a sakan, niyon-20 kuma ya sauka a santimita 20.75 daga ƙofa. Idan ka sami 10.4, r ka tsaya a kai.